Muhawara: tes ɗin da zan tura wa direban da zai kai mu Abuja daga Jos

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku duba min wani abu kafin in tura. Za mu tafi Umra tare da surukata, jirginmu daga Abuja zai tashi, kuma mun yi magana da wani direba da zai ɗauke mu shata daga nan Jos. Maigidana ya yi masa waya sun daidaita a baki, amma ya ce in tura masa komai a rubuce saboda kada a manta. Ga abin da na rubuta:

"Salam. Ranar Juma'a ne tafiyar in sha Allah. Ka zo da wuri bayan asuba. Mu shida ne da 'yan kayanmu. Na gode."

Ya isa haka ko akwai abin da ya rage? Hankalina bai kwanta ba, don Hajiya surukar tawa ba ta da ƙoshin lafiya, ba na so a wahalar da ita a hanya.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada. A saka mu a addu'a.

Ɗanladi Farin Gada: Hajiya nawa ya ce miki? Ina da ƙane mai Siyana mai tsabta, na'urar sanyinta na aiki, in kina so in haɗa ku.

Maman Hanifa: Na gode Malam Ɗanladi, mun riga mun samu mota. Saƙon ne kawai nake so a gyara min.

Malam Sabo: Hajiya barka da yamma. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Jos da Abuja kafin baya ya hana ni, kuma irin wannan tes ɗin na sha karɓarsa. Ba laifinki ba ne, haka mutanenmu suke rubutawa, amma in ni aka tura wa, sai na sake kiran ki na yi miki tambaya biyar kafin in san abin da zan yi. Bari mu fara da babbar cikinsu. Ƙarfe nawa ne a rubuce a jikin tikitinku? Ki duba ki kwafo min yadda yake, kada ki fassara.

Maman Hanifa: An rubuta 15 NOV, sai kuma 01:40.

Malam Sabo: To alhamdu lillahi da kika tambaya kafin ki tura. Hajiya, 01:40 ƙarfe ɗaya da minti arba'in ne na dare, ba na rana ba. Na rana 13:40 ake rubuta shi. Ma'ana, sha biyu na dare na wucewa ranar Alhamis, kwanan wata ya koma 15, awa ɗaya da minti arba'in bayan nan jirginku ya ɗaga. In direba ya zo muku ranar Juma'a bayan asuba kamar yadda kika rubuta, jirgin ya tashi tun kuna barci a Jos. Tafiyarku ta mota ranar Alhamis 14 ga wata ce.

Maman Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi duk gidan nan Juma'a muke cewa. Har Hajiya tana murna za ta fita ranar Juma'a. Jikina har rawa yake. Allah ya saka maka da alheri Baba Sabo.

Abba Rikkos: Sai ta rubuta masa "daren Juma'a" kawai, ai a Hausa daren Juma'a shi ne Alhamis da dare. Magana ta ƙare.

Malam Sabo: Abba, a wurin malamai da dattawa haka yake, dare ne ke gaba da yini. Amma je ka tasha ka tambayi direba goma me ake nufi da daren Juma'a, ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Wani zai ce Alhamis da dare, wani zai ce Juma'a da dare. Kalmar da za ta iya ɗaukar ma'ana biyu ba ta da wuri a irin wannan saƙo. A rubuta sunan rana da lambar wata tare: Alhamis, 14 ga Nuwamba. In mai rubutu ya yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona shi, direba ya kira ya ce wanne ne daidai. Haka ma "gobe" da "jibi". Ka tura tes da daddare ka ce gobe, wayar direba a kashe babu caji, ya kunna da safe ya karanta, goben taka ta zama tasa goben daban.

Anti Rabi: Wannan ta "gobe" ta same ni. Lokacin bikin 'yar yayata za mu kai amarya Keffi, na tura wa mai bas tes wajen sha ɗaya na dare cewa gobe da safe. Sai da gari ya waye ya gani. Mata sun taru tun bakwai da kwalliyarsu da kulolin abinci, na kira shi yana can hanyar Bauchi da fasinja. Bai yi ƙarya ba, ya karanta min saƙon kamar yadda na rubuta. Ranar sai motoci uku muka tsinta a tasha, kuɗin ya kusa ninkawa, kuma muka isa bayan la'asar dangin ango na ta jira.

Maman Hanifa: To yanzu tunda jirgin na dare ne, ƙarfe nawa ya kamata mu bar Jos? An ce mu kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi.

Abba Rikkos: Lissafi ne mai sauƙi. Awa uku kafin 1:40 shi ne 10:40 na dare. Jos zuwa Abuja awa biyar a ce. Ku tashi ƙarfe biyar na yamma, kun isa daidai.

Ummi Bukuru: Haba Abba. Da tsohuwa da jariri za ka ce su bi hanyar nan da daddare? Magariba za ta yi musu a wajen Hawan Kibo fa. Taya ɗaya ta fashe shi ke nan, minti arba'in kacal ka bar musu na ko-ta-kwana.

Malam Sabo: Lissafin Abba daidai ne a takarda, daga baya ake lissafo shi kamar yadda ya yi. Inda ya rage shi ne awa biyar ɗin ta shiga gari ce. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana can ɗaya gefen, in ka fito ta Akwanga da Keffi sai ka ratsa Mararaba da Nyanya, ka keta garin, ka hau titin filin jirgi ka wuce Lugbe, wajen kilomita arba'in daga tsakiyar gari. Ga tsayawar sallah, ga shingayen jami'an tsaro, ga tsohuwa da za ta nemi kewayawa. Ni shawarata a raba tafiyar biyu. Hajiya, kuna da inda za ku sauka a Abuja?

Maman Hanifa: Ƙanwar maigidana tana aure a Lugbe.

Malam Sabo: Madalla, kun samu sauƙi, Lugbe a kan hanyar filin jirgin take. Ku bar Jos ƙarfe bakwai na safe. Cunkoson masu shiga Abuja ta Mararaba na safe ne, na masu fita kuma na yamma. In kun iso wajen sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu, na safen ya lafa. Kafin ƙarfe ɗaya kuna Lugbe, Hajiya babba ta yi sallah ta miƙe ƙafa, direba kuma ya juya ya fice kafin 'yan tashi daga aiki su toshe Nyanya, ya shiga Jos bai yi dare sosai ba. Wannan ma abin dubawa ne, shi ma yana da iyali.

Sai maganar "bayan asuba". A Jos a watan Nuwamba ana idar da asuba gari bai waye ba, ga sanyi. Bayan asuba na iya zama biyar da rabi, na iya zama bakwai. Kuma lokaci biyu ake rubutawa, ba ɗaya ba: lokacin da mota za ta tsaya a ƙofar gida, da lokacin da za ta tashi. In kika ce bakwai kawai, shi zai iso bakwai, a fara fito da kaya, a ɗaure, a yi sallama da maƙwabta, a koma ɗauko abin da aka manta, sai takwas saura. Ki ce ya iso 6:30 na safe don lodi, tashi 7:00. Da lamba, a kuma sa "na safe".

Ɗanladi Farin Gada: Mutum shida ai Siyana ta ɗauke su tsaf. Ni ban ga abin dogon bayani ba a nan.

Malam Sabo: Bari mu ji shidan tukuna. Hajiya, ki lissafo min duk wanda zai shiga motar, har na goye, har mai rakiya.

Maman Hanifa: Ni, da maigida, da Hajiya, da yayarsa da za mu ɗauka a Bukuru, da yarana biyu, mai shekara tara da mai shekara shida. Shida ke nan. Sai jaririyata 'yar wata takwas, ita a cinya take. Af, sai kuma ƙanin maigida da zai raka mu ya taimaka da kaya, shi Abuja zai tsaya.

Malam Sabo: Kin gani ko? Shida ta zama takwas. Ke masu kujera a jirgi kika ƙirga, direba kuwa kai yake ƙirgawa. Manya biyar, yara biyu, jaririya ɗaya. Kujera bakwai kuke buƙata ban da ta direba. Yawancin Siyana kujera bakwai gare su har da ta direban, wasu takwas. Ko an samu mai takwas ɗin, kun cika ta maƙil, layin baya ba zai naɗu ba, kaya sai abin da ramin but ya ɗauka. To yanzu "'yan kayanmu" ɗin nan, mene ne da mene ne?

Maman Hanifa: Manyan akwatuna shida, irin na kilo 23. Jakar hannu biyar. Keken Hajiya na marasa lafiya, mai naɗewa. Kular abinci babba ɗaya. Sai rabin buhun dankalin turawa da kwandon kayan lambu da za mu kai wa mutanen Lugbe tsaraba, ai ba a zuwa daga Jos hannu rabbana.

Ummi Bukuru: Kabeji da karas ko? Lallai kam ba a zuwa haka.

Malam Sabo: To Malam Ɗanladi, ka ji. Bayan Siyana in kujerun baya na tsaye, manyan akwatuna uku ne zuwa huɗu in an jera su a tsaye, shi ma sai mai iya lodi. Ina za a sa sauran biyun, da keke, da buhu? Abin da ke faruwa shi ne a ɗaga murfin but a ɗaure da igiya, ƙura ta shiga, ko a ɗora wa yara jaka a cinya awa biyar. Keken marasa lafiya kuma ko an naɗe shi yana da faɗi, ba ya lanƙwasuwa, kuma shi ake sawa ƙarshe don shi ake fara saukewa. Wannan aikin Hayis ne mai kujera goma sha huɗu, a bar layin baya gaba ɗaya na kaya. In da "mu shida da 'yan kayanmu" ya gani, da ƙaramar mota zai zo, kuma ba za ki ga laifinsa ba. Ranar da safe ne za a tsaya cirko-cirko a ƙofar gida ana neman wata motar.

Yadda ake rubuta kaya: adadi, da iri, da girma. "Akwati shida" bai isa ba, don akwai akwatin da yaro ke ja, akwai wanda sai mutum biyu. Ki ce manya. In Gana-mos-go ce ki faɗa, don ita tana matsuwa a lungu, akwati mai tauri ba ya matsuwa. Abin da zai iya zubewa ko fashewa, kamar kula da galan ɗin mai, a ambace shi daban don kada a danne shi.

Abba Rikkos: Ni fa duk wannan rubutun, da hoto ɗaya an gama. A tara kayan a tsakar gida a ɗauka a tura masa ta WhatsApp, a haɗa da lokeshan na gidan, a yi masa saƙon murya. Direbobi da yawa karatun boko bai dame su ba.

Anti Rabi: Hoton kam shawara ce mai kyau.

Malam Sabo: Hoton na yarda da shi ɗari bisa ɗari, in yana da babbar waya. A sa mutum ya tsaya kusa da kayan don a gane girmansu. Saƙon murya kuma a yi shi ƙari, kada ya maye gurbin rubutu. Mutum na tuƙi, ko yana cikin hayaniyar tasha, ba zai saurari minti uku yana neman inda aka faɗi lokaci ba. Rubutu kuwa kallo ɗaya ne, in bai iya karatu ba yaron motarsa ko ɗansa zai karanta masa. Lokeshan a cikin lungunan Anguwan Rogo ko Gangare yakan ajiye ka a bayan gida ko a layin da mota ba ta shiga. A haɗa da kwatance irin namu: masallacin kaza, launin ƙofa, wane layi bas za ta iya juyawa.

Abba Rikkos: Na karɓa. Amma ga wani abu da na sani tabbas, in tes na layi za ta tura ba WhatsApp ba. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Da zarar an sa harafi mai ƙugiya ko ɗaya, irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rarrabu gida-gida, kuma wasu ƙananan wayoyi akwati-akwati suke nunawa a madadin harafin. In ƙaramar waya gare shi, ta rubuta da k da d da b kawai.

Malam Sabo: Wannan ban san dalilinsa ba sai yau, amma na sha ganin akwatunan nan a wayata.

Maman Hanifa: Ga gyaran da na yi, ku sake dubawa:

"Assalamu alaikum Malam. Maman Hanifa ce, matar wanda kuka yi magana kan shatar Abuja.
Rana: Alhamis 14 ga Nuwamba.
Ɗauka ta farko: Anguwan Rogo, ka iso 6:30 na safe, tashi 7:00.
Ɗauka ta biyu: Bukuru, bakin babban titi, 7:40, mutum ɗaya da akwati ɗaya.
Sauka: Lugbe, Abuja.
Mutane 8: manya 5, yara 2, jaririya 1. Akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa.
Kaya gaba ɗaya: manyan akwatuna 6, jakar hannu 5, keken marasa lafiya 1, kula 1, rabin buhun dankali, kwando 1.
Hayis muke so. Za mu tafi Umra ne, jirginmu 1:40 na dare, sai bayan mako biyu za mu dawo.
Don Allah ka amsa ka tabbatar."

Ummi Bukuru: Ya yi kyau sosai, amma ni layin Umra da mako biyun nan ne bai kwanta min ba. Kin rubuta unguwarku, kin rubuta cewa duk gidan za ku yi mako biyu ba kwa nan. Ba zargin direban nake ba, amma waya tana yawo hannu-hannu a tasha. Me ya kai wannan cikin tes?

Malam Sabo: Mako biyun a cire, ba aikinsa ba ne yanzu. Amma maganar jirgi ni ina ganin a bar ta. Direban da ya san akwai jirgi a gaba, in motarsa ta samu matsala da daddare zai kira tun a lokacin ya nemo wani, ba zai bari sai da safe yana lallaɓa bakanike ba.

Ummi Bukuru: To a faɗa masa a baki mana. Ni dai ban ga dalilin rubuta shi ba, tunda Lugbe zai sauke su ba filin jirgi ba.

Anti Rabi: Ni ina bayan Ummi. Amma kuɗin fa? Ban ga an rubuta nawa aka yi ba. Rigimar da na fi gani a nan take, an isa a ce ban da mai, ko a ce ɗaukar Bukuru daban ce.

Malam Sabo: A rubuta: jimla kaza, an ba da kaza, saura kaza a Lugbe, har da mai. Wasu na ganin rubuta kuɗi kamar rashin yarda ne. Ni a wurina kariya ce ga direban ma.

Ɗanladi Farin Gada: A'a Malam Sabo, mutumin da kuka saba da shi ka tura masa lissafi kamar ɗan kwangila? Wani zai ji haushi. Maigidan ya kira shi su ƙarasa a baki.

Maman Hanifa: Wannan zan bar wa maigida ya yanke, shi ya san irin sabon da ke tsakaninsu. Baba Sabo, in ya amsa da "to" kawai, ya wadatar?

Malam Sabo: Bai wadatar ba. "To" na nufin ya ga saƙo, ba ya nufin ya karanta. Ki ce ya maimaita miki rana da lokaci da irin motar da zai zo da ita, ya turo lambar motar. In ya rubuto Alhamis, 6:30, Hayis, kin san ya shiga. Ranar Laraba da yamma maigida ya kira shi sau ɗaya. Ki kuma sa lambar mutum na biyu a saƙon, ta ƙanin maigidan, don ranar tafiya wayarki na cikin jaka kina fama da yara. "Bakin babban titi" a Bukuru ma ya yi faɗi, Ummi ta fi ni sanin wurin, a samo alama ɗaya tsayayya, kuma yayar ta fito da akwatinta ta tsaya a gefen da mota ke bi, kada a ce sai an shiga cikin unguwa.

Ummi Bukuru: Ki turo min unguwar tata ta gefe, zan faɗa miki inda ya fi sauƙin tsayawa.

Abba Rikkos: Wa zai kai ku filin jirgi daga Lugbe da daddare? Akwatuna shidan nan da keke ba su ragu ba fa, dankali ne kawai ya sauka.

Maman Hanifa: Mijin ƙanwar yana da mota, amma ƙarama ce. Wallahi ban yi tunanin wannan ba.

Malam Sabo: To saƙo na biyu ke nan, ga wani direban na can, ko a yi sawu biyu. Shi ma haka za ki rubuta: Alhamis 14 ga wata, ya iso 9:15 na dare, tashi 9:40, mutum bakwai in ƙanin zai tsaya a gida, takwas in zai raka ku. Ki ce ɓangaren jiragen ƙasashen waje, don ba wuri ɗaya suke da na cikin gida ba, kuma a yi maganar kuɗin shiga filin jirgi tun a gida, wa zai biya.

Maman Hanifa: Na cire mako biyun, na bar "muna da jirgi a daren" kawai, na sa lambar ƙanin, na tura masa da hoton kayan. Yanzu ya amsa. Ya ce da Siyana ya yi niyyar zuwa, Hayis ɗin ta abokinsa ce, zai tambaye shi ya sanar da mu kafin isha'i, kuma kuɗin zai ɗan ƙaru. Bari in kira ƙanwar maigida kan motar Lugbe.